"'Yantattu" da "Mutunci": Jawabin Minti Goma a Kan Jimloli Biyu

Assalamu alaikum. Malam, 'yan'uwana ɗalibai, barkanku da hantsi. Minti goma aka ba ni, kuma na ga Malam ya ɗora agogonsa a kan tebur, don haka ba zan yi doguwar shimfiɗa ba. Kowa ya duba takardar da na raba. Jimloli biyu ne kacal a kanta, su ne sashe na farko na Jawabin Hakkokin 'Yan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a fassararsa ta Hausa. Zan karanta su, in tsaya a kan kalmomi biyu, sannan in nuna wata 'yar gaɓa da mai fassara ya ƙara. Ga nassin:

"Su dai 'yan-adam, ana haifuwarsu ne duka 'yantattu, kuma kowannensu na da mutunci da hakkoki daidai da na kowa. Suna da hankali da tunani, saboda haka duk abin da za su aikata wa juna, ya kamata su yi shi a cikin 'yan'uwanci."

Tarihinsa a gurguje. An amince da jawabin a Paris ranar 10 ga Disamba, 1948. Ƙasashe 48 suka yarda, 8 suka ƙaurace, babu wadda ta ce a'a. A ranar Kamaru tana ƙarƙashin riƙon amanar Faransa da Ingila, Chadi kuma tana hannun Faransa, ba wanda ya tambaye mu. Duk da haka gabatarwar tsarin mulkinmu na Kamaru na 1996 ta ambaci wannan jawabi da sunansa, don haka ya zama namu.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne: nassin Hausa ya ɗauko kalmomin da Bahaushe ya san mutane ne ke ba da su, mutane ne ke ƙwace su, ya ce da su ake haihuwa. Daga nan ƙarfinsa ya fito, daga nan kuma rikicinsa.

Mu fara da "'yantattu". Tilonsa 'yantacce, daga aikatau 'yanta. Siga ɗaya ce da dafaffe da wankakke da gyararre, wato abin da aka yi wa aiki. Dafaffen ƙwai sai da wani ya dafa shi. To 'yantacce fa? A hutun da ya wuce na koma gida Garwa, na karanta wa kakata wannan jimla tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ce in sake. Na sake. Ta ajiye faifan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya 'yanta su? Ai ɗa ba a 'yanta shi." Ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta kama abin da na yi mako biyu ina kewayawa. A tsohuwar Hausa akwai ɗa, akwai bawa, akwai kuma 'yantacce, wanda ya taɓa zama bawa ubangidansa ya sake shi. Maƙwabtanmu Fulani ma suna da nasu rabon, dimo daban, maccuɗo daban. A nan Adamawa, inda bauta ta daɗe a ƙarƙashin sarautar lamiɗo, wannan ba tatsuniya ba ce, har yau akan yi raɗa da ita in an zo binciken asali kafin aure.

Saboda haka "ana haifuwarsu 'yantattu" tana da karo a cikinta: jariri bai taɓa zama bawa ba, balle a sake shi. Mai saurin hukunci zai ce kuskure ne, da an ce "'ya'ya". Ni ban yarda ba. Da an ce 'ya'ya, kunne zai ji yara kawai, ko kuma ya ji an ware wasu masu asali. Da aka ce "duka 'yantattu", an zuba jikan sarki da jikan bawa a ƙwarya ɗaya, kuma ƙwaryar ta na ƙasa ce. Ku lura da inda "ne" ta faɗo, daf da "duka". Can murya ke sauka in ana karantawa da ƙarfi.

Sai "mutunci", kuma a nan zan fi daɗewa. Kalmar Faransanci da ke wurin tana nufin darajar da ke manne da mutum, wadda ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Mutunci kuwa, ko da yake daga "mutum" ya fito, ku ji aikatan da ke rakiyarsa a bakinmu: a ci mutunci, a zubar da mutunci, a kare mutunci, a rabu cikin mutunci. Muna cewa wane ba shi da mutunci, ba kuwa muna nufin ba mutum ba ne, muna nufin ba ya ganin girman kowa. Har karin magana ta ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Abin da ke zubewa kuwa, yaya za a ce kowa na da shi daidai da na kowa? Ɓarawon da aka kama a babbar kasuwa, matasa suka yi masa ca kafin jandarmomi su iso, a Hausar titi mutuncinsa ya riga ya zube. Nassin nan yana cewa bai zube ba, kuma daidai yake da na limamin da ya fito yana ba mutane haƙuri. Wannan magana ce mai nauyi a kunnen Bahaushe, ta fi yadda take a kunnen Bafaranshe nauyi, domin tana gardama da yadda muke sarrafa kalmar kullum.

"Hakkoki" ba zan tsaya a kanta ba. In ce kawai hakki, da muka aro daga Larabci, yana da fuska biyu: hakkina da nake nema, da hakkin maƙwabci da ke wuyana.

Saura minti biyu, na gani, Malam. Ku sa yatsa a kan "saboda haka". A nassin Faransanci da na Ingilishi, "da" ce kawai ta haɗa sassan jimlar: suna da hankali, kuma su yi zaman 'yan'uwa. Mai fassara ya mai da jerin ya zama dalili: tunda kana da hankali, to ga abin da ke kanka. Ya kuma buɗe maganar da "duk abin da za su aikata wa juna". A ganina a nan ya warware ƙullin da ya ɗaura. In 'yanci da mutunci a Hausa a hannun mutane suke, dole jimla ta biyu ta juya ga masu hannun.

Akwai suka ɗaya da ban iya tunkuɗewa ba. Bayan duk wannan gini, ya rufe da "ya kamata". Faransanci ya yi amfani da aikatau na wajibi. "Ya kamata" kuwa ita ce muke faɗa wa ƙane: ya kamata ka leƙa Goggo ka gaishe ta. In bai je ba, ba a kai shi kotu.

Tambayar da zan bar wa zauren ke nan: da a ce ku aka ba fassarar, za ku sa "wajibi ne" a wurin, ko kuwa 'yan'uwancin da aka wajabta ya tashi daga 'yan'uwanci? Na gode, Malam. Ina sauraro.