Cokali Shida

Ranar Asabar bayan la'asar za a kawo lefen Yaya Bilki, kuma tun daren Juma'a Rumaisa ta kafe a kan ita ce za ta yi kek ɗin tarar baƙi. Umma ta yi jim, sannan ta ce to, ta yi.

Haɗin da Anti Hauwa ta turo mata a waya na mutum 6 ne: fulawa kofi 2, ƙwai 3, sukari, bota, sai bakin hoda "2 tsp". Mata 18 ake sa ran zuwansu. Rumaisa, gwanar lissafi a ajinsu, ta ninka komai sau uku a bayan kwalin sukari. Da ta zo kan bakin hoda ta rubuta 6, ta zaro cokalin cin shinkafa daga kwando, ta auna shida cif.

Allah ya sa ta fara gwada ɗaya a gwangwani, cikin tukunyar yashi a kan gawayi. Ya taso kamar zai ture murfi, har ta ƙwala wa ƙaninta Sadiƙu kira ya zo ya ga aiki. Kafin ya iso tsakiyar ta rufta.

Anti Hauwa ta shigo da kajin da ta soya, ta gutsiri gefe, ta yamutsa fuska.

"Wannan ɗaci fa? Da wane cokali kika auna?"

Rumaisa ta nuna mata.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, cokalin shayi na ce. Babban ai 'tbsp' ake rubuta masa, da b a ciki. Ƙarami mililita 5 yake ci, babba 15. Ƙanana shidan da kike nema manya biyu ne kacal."

Idon Rumaisa ya kawo ruwa. "Anti, zubarwa za a yi?"

"A zubar da ƙwai tara? A wannan tsadar?" Umma ce daga ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

Anti Hauwa ta ce abin da ya shiga kwaɓi ba ya fita, sai dai sauran kayan su tarar da shi. Ta miƙa wa Rumaisa kwalin. Hannu na rawa ta buga: ƙarin fulawa kofi 12, ƙwai 18, sukari da bota ninki biyu na wanda ta zuba.

Umma ta kwance bakin zani ta ƙirga kuɗi, tana ƙirgawa tana harararta. Aka tura Sadiƙu shagon bakin layi, aka aro baho da tukwane biyu a maƙwabta. Har aka kira azahar suna juya kwaɓi da muciya.

Da masu lefe suka tashi tafiya, an cika musu bokiti biyu, ga wani a ɗaki. Gwaggon ango ta ɗaga murfi ta rangaɗa guɗa.

"Kai, gidan nan akwai karamci! Wa ya yi wannan aiki?"

Umma ta gyara mayafi. "Rumaisarmu ce, Hajiya. Ba ta iya yin kaɗan ba."