Roƙon a Sake Duba Takardar Gwajina ta Darasin Tushen Gudanarwa

Sashen Nazarin Kasuwanci da Gudanarwa,
Aji biyu.
12 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga Malamin Darasin Tushen Gudanarwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malam yana lafiya tare da iyali, da kuma sannu da ƙoƙarin da ake yi da mu. Allah ya saka da alheri.

Malam, na rubuto ne game da gwajin zaɓi-ɗaya da muka yi ranar Alhamis 24 ga Afrilu, mai tambayoyi 40. A sakamakon da aka liƙa a allon sanarwa ranar 8 ga Mayu an ba ni 11. To, ranar da Malam ya bi mana amsoshin a aji, na riƙa bi da takardar tambayoyina, domin duk abin da na zaɓa sai da na yi masa alama a jikinta kafin in cike takardar amsa. Da na ƙirga, 31 na samu.

Ga abin da nake zaton ya faru. An raba mana takardu nau'i biyu, tambayoyi iri ɗaya amma an sauya musu jeri, kuma nawa nau'i na 2 ne. Na rubuta lambar a kusurwar sama ta hagu kamar yadda aka ce mana, sai dai a daidai wannan wurin mai sa ido ya danna ƙusar haɗa takardu, har kusurwar ta ɗan naɗe. Sai na ari takardar wata ƙawata mai nau'i na 1, wadda ta kwafi amsoshin nau'insu a ranar gyara, na jera harufan da na zaɓa a gefensu ɗaya bayan ɗaya. Wurare 11 ne cif suka dace. Wannan ya sa nake kyautata zaton da makullin nau'i na 1 aka duba takardata, abin da zai iya faruwa ga kowa idan lambar ta ɓuya, ga kuma tarin takardun aji mai yawa irin namu.

Akwai kuma tambaya ta 17 a nau'inmu, wadda ko an gyara wancan za ta rage. An tambayi ayyukan gudanarwa nawa Henri Fayol ya lissafa, kuma amsar da aka karanta mana ita ce huɗu. Ni biyar na zaɓa. A littafinsa na 1916, Fayol ya kawo tsarawa, da shiryawa, da ba da umarni, da daidaita ayyuka, da sa ido. Na san littattafan baya-bayan nan sun dunƙule su zuwa huɗu, inda jagoranci ya maye gurbin ba da umarni, daidaitawa kuma ta shige cikin sauran. Da tambayar ta tsaya a "ayyukan gudanarwa" kawai, da huɗu zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Amma an kama sunan Fayol, kuma takardun darasin da Malam ya ba mu a mako na uku ma biyar suka kawo a ƙarƙashin sunansa. Mu da yawa a ajin mun zaɓi biyar saboda haka. Idan akwai wata fahimta da Malam yake nufi da tambayar, ina so in ji ta tun kafin babbar jarrabawa, don wannan babin ba ya rasa fitowa.

Sauran tambayoyi takwas da na faɗi ba ni da ja a kansu. Ta Herzberg ma, wadda ta sa albashi cikin abubuwan da ke hana ƙorafi maimakon masu zaburar da ma'aikaci, bayanin Malam a aji ya gamsar da ni sarai.

Roƙona shi ne Malam ya taimaka ya sa a ciro takardar amsata a buɗe kusurwar nan, a sake dubawa da makullin nau'i na 2, kafin a miƙa maki ga jami'in jarrabawa na sashe. Maki 20 ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin tallafin karatun da nake samu ya dogara ne da matsakaicin makina na kowane zango. Na zaɓi in fara zuwa wurin Malam kai tsaye, don na san idan aka ga takardar maganar za ta warware a nan.

Na haɗa kwafin takardar tambayoyina da alamomin da na yi, da jerin da na kwatanta, da shafin da ke maganar Fayol. Sunana da lambar rajistata suna saman kowane shafi. Ba ni da lacca ranar Laraba daga ƙarfe 12 zuwa 2, zan iya zuwa ofis da ainihin takardar a lokacin, ko duk sa'ad da Malam ya ga ya fi masa sauƙi.

Na gode ƙwarai da lokacin da Malam ya ba wasiƙar nan. Allah ya ƙara lafiya da ɗaukaka.

Wassalam.

Ɗalibarka mai biyayya,
daga aji biyu, Sashen Nazarin Kasuwanci da Gudanarwa.