Amsar tambayarki a kan KPI

Assalamu alaikum Malama Hauwa,

Na ga saƙonki da kike tambayar mene ne KPI da yadda ake cike fom ɗin bitar aikinmu. KPI taƙaitawa ce ta Key Performance Indicator, haka za ki gan shi rubuce a saman fom ɗin bita. Ma'auni ne da ake duba ko aiki yana tafiya yadda aka tsara. Ba kowace lamba ce KPI ba. Kaɗan ake zaɓa, waɗanda in suka gyaru aikin ya gyaru, kuma kowanne sai an faɗi abin da ake aunawa, adadin da ake so a kai, wa'adinsa, da wanda alhakinsa ke wuyansa.

Ana raba shekara gida huɗu, wata uku-uku. Zaman mako mai zuwa na Q3 ne, wato Yuli zuwa Satumba. A sashenmu na raba kaya abu uku ake dubawa: yawan ciniki, isar oda shago cikin awa 48, da karɓo bashi kafin kwana 30.

Ɗauki na isar oda. An sa mana kashi 95 cikin 100, shi ne ke ƙarƙashin Target. Oda 400 muka fitar, 352 suka isa a kan lokaci. Ki raba 352 da 400, ki ninka da 100, za ki sami 88, shi za ki sa a Actual. A tsarinmu 95 zuwa sama kore ne, 90 zuwa 94 rawaya, ƙasa da haka ja. Ke nan wannan karon ja muke.

Don Allah kada jan ya tayar miki da hankali. Manaja zai tambayi dalili, a nan ne zaman yake da amfani. Cewa "damina ce" kawai ba zai wadatar ba. Ki zo da takardun direbobi, ki nuna cewa yawancin oda 48 da suka makara na hanyar Gaya ne, a makonnin Agusta da mota ɗaya take gareji. Daga nan a yanke abin da za a yi, a rubuta sunan mai yi da ranar gamawa. Da wannan rubutun za a buɗe zaman Janairu.

Abin da na fi so ki kula da shi: kada a duba ma'auni ɗaya a bar sauran. Mai talla zai iya cika adadin cinikinsa ta hanyar zuba wa masu shaguna kaya bashi, cinikin ya yi kore, kuɗin kamfani kuwa suna waje. Kullum ki ajiye lambar ciniki kusa da ta bashi.

Ki cike fom ɗinki ki turo mini kafin Alhamis, sai mu duba tare bayan Azahar.

Na gode,
Bashir