Taƙaitaccen Tsarin Furojet: Ƙwayoyin Halittar Bijirewa Magani a Bakteriyar Fitsari Daga Ƙananan Asibitoci 3

Assalamu alaikum Malam, ga taƙaitawar da ka ce in turo kafin difens ɗin furofozal.

Abin da ya ja hankalina tun lokacin da nake sanin makamar aiki a lab, sai ka ga faranti an jera masa faifan magani shida amma bakteriya ta tsiro har jikin faifan seftiriyazon ko gezau, mu dai mu rubuta R a takarda mu miƙa, ba wanda ke tambayar me ya ba ta wannan taurin kai. To ni shi nake son bi. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani.

Zan karɓi samfurin fitsari 120 daga ƙananan asibitoci 3, kowanne 40, na waɗanda dama likita ya tura gwaji, kuma lamba kawai zan sa ba suna ba. In shuka a MacConkey in ware E. coli da Klebsiella pneumoniae, sai gwajin faifai na Kirby-Bauer a kan Mueller-Hinton, kaurin 0.5 McFarland, awa 16 zuwa 18 a inkubeta, a auna da ma'aunin CLSI. Waɗanda na zarga da ESBL zan sa faifan amoksisilin mai kilabulanik a tsakiya, seftazidim da sefotakzim a gefe, in fili ya buɗe ya karkata wajen na tsakiyar kamar ramin makulli to an kama ta. ATCC 25922 da ATCC 700603 su ne na kwatance.

Daga nan sai PCR, nan ne zuciyar aikin. DNA ta hanyar tafasawa zan cire, minti 10, don kit ya fi ƙarfina gaskiya. Zan nemi blaCTX-M da blaTEM da blaSHV. Zatona CTX-M zai fi yawa tunda shi ya mamaye duniya tun shekarun 2000, kuma galibi a kan filasmid yake, wato bakteriya na iya miƙa wa 'yar'uwarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba, shi ya sa nake son ganin ko abu ɗaya ne ke yawo a asibitocin ukun ko kowanne da nasa. Amma fa ganin blaTEM kaɗai ba ya nufin ESBL, domin TEM-1 ba ESBL ba ce, sai an yi sikwensin za a tantance kuma ban sa shi a lissafi ba.

Mako 12 na tsara, 5 na tattara samfur. Abin da ya rage shi ne takardar kwamitin ɗa'ar bincike, tana jiran sa hannunka Malam, in da hali zan kawo ta ofis ranar Litinin.