Takardar gyara a kan labarin "Makullin Hajiya Kulu"

Assalamu alaikum ƙanwarmu,

Mu biyu muka karanta labarinki, kowa da alƙalaminsa, sannan muka haɗa abin da muka gani. Shafi takwas na farko ba su da babbar matsala. Gidan nan na Argungu ya fito sarai: tukunyar turara shinkafa a kan murhu, shanshera a shanye a tsakar gida, ga Hajiya Kulu da makullin sito ɗaure a bakin zaninta, kullum sai ta auna wa surukarta Hassi abin da za ta ɗora. Inda labarin ya zube shi ne shafi na 9 da na 10.

A shafi na 9 kin rubuta: "Tun daga ranar Hajiya ta gane cewa suruka ma 'ya ce, ta yi nadamar duk abin da ta aikata." Sai kuma kika sa ta tara mutanen gida ta yi layi goma sha huɗu tana neman gafara. Wannan ba Hajiya Kulun da kika nuna mana ba ce. Matar da ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, sai dai ta ce "yaron nan", wadda "ke" kawai take ce wa Hassi ma, ba za ta zauna a gaban jikoki tana tone cikinta ba. Alkunya ba za ta bar ta ba, girman kai ma haka. Irin waɗannan iyayen namu da hannu suke ba da haƙuri, ba da baki ba. Saboda haka ki cire sakin layin nan da jawabin duka, kalmomi kusan ɗari uku ke nan, ki zuba aiki a gurbinsu.

Kayan aikin suna hannunki tun shafi na 2: mudu da makulli. A can kin nuna Hajiya ta cika mudu, ta share kansa da gefen hannu, ta mayar da rarar cikin buhu, ta kulle sito ta ja kwaɗon sau biyu. Kada ki taɓa wannan wurin, domin shi ne ma'aunin da mai karatu zai gwada duk abin da zai biyo baya. In ba a ga yadda mutum yake auna shinkafa jiya ba, awon yau ba zai faɗa wa kowa komai ba.

Dalilin canjin ma kin riga kin rubuta shi, sai dai kin wuce shi da gudu. A shafi na 6 Hajiya ta fito alwalar isha'i ta tarar da Hassi a madafa tana kankarar ƙanzo, bayan ta raba wa mutum tara tuwo ba ta samu nata ba. Ki dakata a nan. Ki bar Hajiya tsaye da buta, ta ji ƙarar cokali a gindin tukunya, ta koma ɗaki ba ta ce uffan ba. Ciwon da kika kwantar da ita da shi a shafi na 7 ki soke shi. An gaji da uwar mijin da sai ta kwanta asibiti take shiryuwa, kuma ciwo yana sa a ɗauka tilas ce ta sauya ta, ba abin da idonta ya gani ba.

Sai awo na biyu, washegari. A nan canjin rabi ne, kuma dole ya zo da borin kunya. Ga misali, ki juya shi da bakinki:

Hajiya ta cika mudu ya yi tsororo. Ta ɗaga hannu za ta share, sai hannun ya tsaya. Ta juye shi haka nan cikin kwaryar.
"Inna, ya yi yawa," in ji Hassi.
"Mi ya yi yawa? Tahi ki ɗora. Kuma ki bar ƙona min icce kamar ana biki."
Ta kulle sito, ta ja kwaɗon sau biyu.

Ki lura faɗan yana nan, kullewar ma tana nan. Da a ce ta ƙara shinkafa, ta yi murmushi, ta bar sito a buɗe duk a rana ɗaya, mai karatu zai ce wata matar aka sauya masa. Halin shekara talatin ba ya tashi dare ɗaya, abu ɗaya ake sassautawa, saura su tsaya yadda suke. Bayan wannan ma ki bar ta ta koma gidan jiya sau ɗaya: ranar da aka ce shinkafa ta tashi a kasuwa, ta share kan mudun kamar da.

Na uku shi ne rufewa. Kin faɗa a shafi na 3 cewa in Hajiya za ta yi tafiya takan auna na kwanakin ta tafi da makullinta. To, ki sa ta shirya zuwa suna Birnin Kebbi, kwana biyu. Mai babur yana ƙofar gida zai kai ta tasha. Ta kai zaure, ta dawo, ta kwance makullin daga bakin zani, ƙullin ya yi tauri har sai da ta sa haƙori, ta rataye shi a ƙusar ƙofar madafa. Ba ta miƙa wa Hassi a hannu ba, ba ta kalle ta ba. Abin da za ta ce kawai: "A ba awaki ruwa." Nan labarin ya ƙare. Ɗayanmu ya so a ƙara layi ɗaya da za a ga Hassi ta bar makullin a ƙusar har la'asar ba ta taɓa shi ba. Wannan ke za ki zaɓa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ki biyo da "wannan ya nuna cewa". In kin fassara aikin kin kashe shi.

Akwai wuraren da irin wannan gyara yakan lalace. Wani marubucin sai ya zaɓi babban abu, uwar miji ta biya wa suruka kujerar Makka ko ta ba ta gona. Babbar kyauta tana iya zama neman suna, amma makullin da ba wanda ya gani sai su biyu ba shi da wata fassara. Wani kuma sai ya zaɓi abin da bai ci wa mai shi komai ba. Murmushi kyauta ne, sakin makulli kuwa sakin mulkin gida ne. Kuma kada ki tara alamomi. Mun ga kin fara kawo tabarma da kwanon sha a shafi na 5, ki bar su a matsayin kayan gida kawai, mudu da makulli sun isa.

Ki bi labarin da jan biro ki ja layi a ƙarƙashin waɗannan: "ta gane" (sau bakwai muka ƙirga), "jikinta ya yi sanyi" (sau huɗu), "hawaye suka zubo mata" (sau biyar). A kowane wuri ki tambayi kanki abin da hannunta ko ƙafarta ke yi a lokacin, ki rubuta shi. In ba ki samu ba, ki goge jimlar. Hawaye ɗaya muka bar miki, na Hassi a shafi na 4, shi ma don hayaƙin ɗanyen icce ya ba ta mafaka.

Abu na ƙarshe, bakin Hajiya. Wani wuri tana cewa "mi" da "wagga", wani wuri ta koma "me" da "wannan". Ki tsayar da ita a Hausar gida daga farko har ƙarshe, bayanin marubuciya kuma ya zauna a daidaitacciyar Hausa.

In kin gama, ki ba wata da ba ta san labarin ba ta karanta, ki tambaye ta abu ɗaya: me ya sami Hajiya? In ta ambaci ƙanzo, gyaran ya kama. In ta ce ba ta gane ba, shafi na 6 za ki ƙara wa nauyi, ba ƙarshen ba. Ki turo mana sabon kwafin kafin zaman Asabar ta sama.

Yayyenki,
daga Birnin Kebbi