Wasiƙa Zuwa Ga Mai Gida Kan Rashin Ƙarfin Ruwan Famfo

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in yi maka bayanin abin da na gano a gidanka mai bene, inda 'yan haya ke kukan ruwa ba ya zuwa da ƙarfi. A taƙaice, tankinka lafiya lau yake, kawunan famfon ma ba su da laifi. Bututun da aka jawo ruwa da shi daga tanki ne ya yi wa gidan ƙanƙanta.

Na fara da ƙananan abubuwa. Na kwance ragar bakin kowane famfo na wanke, na tabbatar bawul ɗin da ke gindin tanki a buɗe yake gaba ɗaya, na fitar da iskar da ke cikin layi. Ban ga alamar yoyo a ko'ina ba. Duk da haka ruwan bai ƙaru ba.

Sai na gwada da bokiti mai lita 10. A bakin tanki ya cika cikin daƙiƙa 15. A kicin ɗin sama kuwa sai da ya kusa minti biyu, kuma da na sa aka buɗe shawa a ƙasa, ruwan ya koma kamar zare. Na ɗaura geji mai auna ƙarfin ruwa a famfon ƙasa: idan komai a rufe yake yana nuna bar 0.6 a ma'aunin ƙarfin, wanda ya yi daidai da tsayin da tankin yake sama da famfon, domin kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar ɗaya, naka kuwa mita 6 ne. Amma da an buɗe famfo biyu, sai allurar ta faɗo ƙasa da rabin haka. Ke nan ƙarfin yana nan, a hanya yake ƙarewa.

Ranka ya daɗe, bututu mai rabin inci ne ya ɗauko ruwa tun daga tanki, ya yi tafiyar kusan mita 30 da lanƙwasa da yawa, sannan aka rarraba shi ga sassa huɗu. Rabin inci aikinsa ya kai ruwa ga famfo ɗaya ko biyu. Mutane da yawa suna ɗauka inci ɗaya ninkin rabin inci ne kawai, alhali idan faɗin bututu ya ninka, filin da ruwa ke bi a ciki ninki huɗu yake yi. Ruwan da aka matse a siririn bututu dole ya yi gudu, yana gogar bangon bututun, kuma wannan gogayya ita ke cinye ƙarfinsa. Kowace mita da kowace gwiwa sai ta ci nata. Kamar taron jama'a ne a zauren da ƙofarsa ɗaya ce ƙarama. Na sama sun fi shan wahala saboda tazarar da ke tsakaninsu da tanki mita 3 ce kacal, tun asali ƙarfinsu rabin na ƙasa ne.

Na ji ka ambaci sa injin ƙara ƙarfin ruwa. Gaskiya ban ba ka wannan shawara ba. Zai ɗan taimaka, amma zai riƙa tura ruwa ta ƙaramar hanya da ƙarfin tsiya, bututun ya riƙa ƙara da bugawa idan an rufe famfo, mahaɗai su fara yoyo a cikin bango. Ga cin wuta, kuma ranar da babu wuta an koma gidan jiya.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a sauya babban layin da ke saukowa daga tanki zuwa inci ɗaya da kwata, har da mafitar tankin da bawul ɗinta. Daga nan kowane sashe a ba shi nasa reshen mai kwata uku na inci, da bawul ɗinsa daban, yadda idan za a yi gyara a wani sashe ba sai an ɗauke wa kowa ruwa ba. Rabin incin da ke shiga banɗaki da kicin a bar shi, gajere ne, ba ya cutarwa. Saboda haka ba za mu taɓa tayil ba, kusan duk aikin ta bayan gini za a bi. Idan da bututun roba na PPR za a yi, a lura cewa lambarsa faɗin waje take nufi, cikinsa ya fi haka ƙanƙanta, don haka milimita 40 za mu sa a babban layi, 25 a rassa. Don Allah kada mai shago ya ba yaronka ƙasa da haka.

Aikin kwana biyu ne, kuma rana ɗaya kawai za a ɗauke ruwa, sai a sanar da 'yan haya su tara tun da wuri. Idan ka amince zan kawo maka lissafin kayan aiki. Zan kuma so ka samu lokaci mu haɗu a gidan, in maimaita gwajin bokitin a gabanka kafin ka yanke shawara.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka,
Mai gyaran famfo