Takardar Sanarwar Tashi Daga Gida a Ƙarshen Wa'adin Haya

Daga: Alhaji Mamman Isa Kazaure, mai gida
Gida mai lamba 14, Layin Masallaci, Unguwar Zango, Agege, Jihar Legas

Zuwa ga: Malam Habibu Lawal, ɗan haya a sashen sama, ɓangaren dama, na wannan gida

Ranar Litinin, 2 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Habibu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yara. Allah ya kai mu babbar sallah lafiya.

Na rubuto ne in sanar da kai cewa hayar sashen da kake ciki, wato ciki biyu da falo da kicin da banɗaki, za ta ƙare ranar Laraba, 31 ga Disamba, 2025, kuma ba zan sabunta ta ba. Don haka ina neman ka kwashe kayanka, ka miƙo mini makullai a wannan rana ko kafin ta, sashen yana fanko, ba mutum ba kaya.

Ranar ba ni na tsiro da ita yau ba. Ita ce a yarjejeniyar da muka sa wa hannu a ofishin lauya ranar 18 ga Disamba, 2023, a gaban Malam Shehu Tela da ƙaninka Nura: haya ta shekara 2 cif, daga 1 ga Janairu, 2024 zuwa 31 ga Disamba, 2025, a kan naira 900,000 kowace shekara. Kwafi ɗaya yana hannunka, ɗaya yana hannuna.

Mun riga mun taɓa maganar nan da baki ranar Juma'ar da ta wuce, a ƙofar gida bayan an sakko daga masallaci, don ban so takarda ta riske ka ba zato ba tsammani. Amma magana ta baki iska ce, yau da gobe sai Allah, ni ma ba yaro ba ne. Idan ta Allah ta kasance a kaina ko a kanka kafin Disamba, gara magada su tarar da abu a rubuce, kada a bar su da ka-ce-na-ce. Dalilin wannan takarda ke nan, ba wai don na rasa yarda da kai ba.

Ina so ya shiga rubuce cewa ba wani laifi ka yi mini ba. Kuɗin shekarar farko ka biya kafin ka tare, na shekara ta biyu ka biya ranar 3 ga Janairu, 2025, na kuma ba ka rasit na kowanne. Ba na bin ka ko sisi na haya. Wata goma sha bakwai ke nan muna tare, ban taɓa jin maƙwabci ya kawo ƙararka ba, har Baba Ibeji na ƙasa, wanda ka san ba ya raga wa kowa. Abin da ya sa nake son sashen shi ne ɗana Aminu. An sa ranar aurensa bayan ƙaramar sallah mai zuwa, nan kuma zai zauna da iyalinsa. Kafin nan sai an kware rufin ɓangaren an sake shi, don kai ma shaida ne kan yadda ɗakin yara yake yoyo tun damunar bara, kuma facin da aka yi sau biyu bai yi magani ba. Aiki ne da ba ya yiwuwa da mutane a ciki, sai kuma da rani. Janairu da Fabrairu na ware masa. Ba ƙarin kuɗi nake nema ta bayan fage ba, ba kuma wani ɗan haya na samu da ya fi ka tayi ba. Na faɗi haka ne don na san abin da ake yi a garin nan, na kuma san abin da mutane za su ce maka.

Game da doka. Gidan nan yana ƙarƙashin Dokar Haya ta Jihar Legas ta shekarar 2011, domin Agege ba ta cikin unguwanni huɗu da dokar ta keɓe, wato Apapa da Ikoyi da Victoria Island da rukunin gidajen gwamnati na Ikeja. Sashe na 13 na dokar ya ce idan ba a yi wani sharaɗi daban ba, mai hayar wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai hayar shekara-shekara kuma wata 6. Taka hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce, irin wadda take ƙarewa da kanta idan ranarta ta cika, kuma lauya ya gaya mini dokar ba ta ɗora mini ba ka notis na wata 6 ba. Na ce masa na ji, amma zan bayar. Daga yau zuwa ranar tashi wata 7 ne ba kwana biyu. Wanda ya taɓa neman gida a Legas ya san wata 6 ma ba su da yawa: ga yawon bin ejan, ga kuɗin ejan da na yarjejeniya da na ajiya a kan kuɗin shekara, ga masu gidan da da sun ji sunanka sai su ce an riga an kama. Na kuma duba cewa Disamba ce ƙarshen zangon farko na makaranta, yara ba za su katse karatu a tsakiya ba.

Daga yau har ranar 31 ga Disamba kai ɗan haya ne cikakke, haƙƙinka bai ragu da komai ba. Ba wanda zai yanke maka wuta ko ruwa, ko ya cire ƙofa, ko ya sauya kwaɗo, ko ya tsare maka hanya, ni ne ko ɗana ko wani da ya ce ni na aiko shi. Dokar ta ɗauki fitar da ɗan haya da ƙarfi ko yi masa barazana a matsayin laifi, hukuncinsa tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata 6. Ko ba doka ma ba zan yi ba. Idan wani ya taka maka a kan wannan, ka zo wurina kai tsaye.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke ɓata zumunci idan aka bar ta a dunƙule.

Kuɗin ajiyarka naira 100,000 suna nan, rasit ɗinsu daban yake da na haya. Zan mayar maka da su cikin kwana 14 da karɓar makullai, wato kada su wuce 14 ga Janairu, 2026. Abin da za a cire kawai shi ne ɓarnar da ta wuce tsufan yau da kullum, kuma sai na nuna maka a rubuce da rasit ɗin gyara. Fenti da ya koɗe ba ɓarna ba ne. Silin ɗin da yoyo ya lalata ma ba a kanka yake ba, nawa ne.

Tankin ruwa da ƙarafen taga da ka sa a watan Maris na 2024, da izinina a rubuce ka sa su, ka kuma kawo mini rasit na naira 180,000. Dokar ta ba ɗan haya damar neman diyya a kan gyaran da ya yi da rubutaccen izinin mai gida. Ba sai ka nema ba. Ƙarafen a bar su, don cire su zai farfasa bango, zan biya ka kuɗinsu yadda suke a rasit, naira 110,000. Tankin kuwa zaɓi naka ne: ko ka tafi da abinka, ko ka bar shi in ba ka naira 70,000.

Abin da ke kanka kaɗan ne. Kuɗin shara na Afrilu da Mayu, naira 4,000, Malam Shehu ya ce ba su shigo ba tukuna. Kason gyaran famfon rijiyar burtsatse kuma a ci gaba da shi yadda aka saba har watan da za ka tashi. Mitarka ta kati ce, ba bashi a kanta. Mita ta gida ce, a bar ta inda take.

Idan Allah ya hore maka wani gida kafin Disamba, kada ka zauna don kuɗinka. Ka ba ni sanarwar sati 2 a rubuce, zan mayar maka da naira 75,000 a kan kowane cikakken wata da ya rage.

Ba zan karɓi kuɗin hayar 2026 ba, kuma ban wakilta kowa ya karɓa ba. Duk abin da aka tura asusuna da sunan sabuntawa zan mayar da shi, ba kuma zai zama sabuwar yarjejeniya ba. Haka nan duk wani sauyi a kan abin da ke cikin wannan takarda, sai an rubuta shi mun sa hannu mu biyu. Kada wani ya ce maka Alhaji ya ce a ƙara maka wata uku. Idan na ce, za ka gani da sa hannuna.

Ina neman izinin shiga duba sashen ranar Asabar, 6 ga Disamba, 2025, da ƙarfe 11 na safe, ni da kafinta da Malam Shehu, kana nan, iyali kuma sun san da zuwanmu. Za mu bi takardar kayan gida da muka rubuta ranar da ka tare, a ɗauki hotuna, kowa ya riƙe kwafi. Wannan sakin layi shi ne rubutacciyar sanarwar zuwan. Idan ranar ta ci karo da harkarka a Abbatuwa, ka faɗi wata cikin satin.

Akwai abin da ba na jin daɗin rubutawa, amma takardar ba ta cika sai da shi. Idan 31 ga Disamba ta wuce ba a miƙo makullai ba, zan ba ka notis na kwana 7 na niyyar zuwa kotu neman gidana, kamar yadda dokar ta tsara. Idan kwanakin suka cika, sai kotun majistare, kuma zan nemi kuɗin zaman da aka yi bayan wa'adi a kan lissafin naira 75,000 a wata. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum, ba ni ba. Ban zaci za mu kai nan ba. In wani saɓani ya taso, na fi son mu fara zama gaban liman da dattawan unguwa, in ya gagara mu je cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin Legas, kafin a yi maganar alƙali. Kana kuma da cikakkiyar dama ka kai wannan takarda wurin lauyan da ka yarda da shi ya duba maka.

Na haɗa da kwafin Turanci da lauya ya tsara, tun da shi ne harshen kotu. Ranaku da kuɗaɗen da ke ciki duk ɗaya ne da na nan. Malam Shehu zai kawo maka su hannu da hannu. Ka sa hannu a ƙasa, ka riƙe ɗaya, ka maido ɗaya. Sa hannun shaidar karɓa ce kawai, ba ya nufin ka sarayar da wani haƙƙi naka. Idan ka ga kuskure a lissafi ko a rana, ka rubuto mini kafin 30 ga Yuni, 2025, a gyara.

Duk mai gidan da ya nemi shaida a kanka, ka turo shi wurina, ko in rubuta maka takarda ka tafi da ita. Na kuma yi wa mutum biyu magana a Oko-Oba da Dopemu su sa mana ido.

Allah ya musanya maka da wanda ya fi wannan alheri. A gaida mai ɗaki da yara.

Wassalam.

Sa hannu: Alhaji Mamman Isa Kazaure, mai gida, 2 ga Yuni, 2025

Shaidar karɓa: Ni, Habibu Lawal, na karɓi wannan takarda da kwafinta na Turanci daga hannun Malam Shehu Tela yau Litinin, 2 ga Yuni, 2025, da ƙarfe 5 da rabi na yamma, a ƙofar sashena.

Sa hannu: Habibu Lawal, ɗan haya

Mai miƙawa kuma shaida: Malam Shehu Tela, shago na 2, ƙasan gida mai lamba 14, Layin Masallaci, Agege